Faci a Jawabin Ochola

Duk wanda ya san Apondi a unguwar Kondele ya san ba ta da haƙurin dogon jawabi, sai kuma Allah ya ajiye abincinta a wajen ɗaukar hoton jana'iza. A nan kuwa ba a binne mutum sai kowa ya tofa albarkacin bakinsa: kawu ya yi, ɗan kawu ya yi, surukai su yi, shugaban ƙungiyar masunta ya karɓi lasifika ya manta hanyar mayarwa. Ita ce za ta kwashe wannan duka da kyamara biyu, ta dawo ɗan shagonta da ke bayan mai ɗinkin labule, ta tace, ta mayar da wuni guda ya koma abin da mutum zai kalla bai yi gyangyaɗi ba.

Aikin da ke gabanta a wannan makon na jana'izar Odundo ne, mai gyaran injin kwale-kwale a Asembo, can bakin tafki. Matarsa Aoko, wadda dangin miji ke kira Nyar Alego, wato 'yar Alego, saboda garinsu, ita ta ɗauki Apondi aiki. Ranar da ta zo shagon ba ta ko zauna ba.

"'Yar uwa, ba ado nake so ba," in ji ta. "So nake su ga na yi kukan mijina. Shi ke nan."

Apondi ba ta tambayi su wa ba, don maganar ta riga ta karaɗe bakin tafki. Odundo ya ci abincin yamma a gidansa lafiya lau, gari bai waye da shi ba. Likita ya ce zuciya ce. Wan marigayin, Ochola, ya ce shi bai taɓa jin zuciya ta kashe mutum a danginsu ba, yana faɗa yana kallon tukunyar Aoko. Abin da yake so bai ɓoye ba: matar ta tattara ta koma Alego, ta bar gida da 'ya'ya. Mutum ɗaya ce ta tsaya tsakaninsa da haka, wato tsohuwarsu Mama Sela, wadda ta ce muddin tana numfashi ba mai fitar da Nyar Alego. Ranar Asabar dangi za su taru a raba kayan mamaci, kuma kafin a fara za a kunna fim ɗin a gaban kowa.

Ga Juma'a ta yi, hantsi ya ɗaga, fim ya ƙi daɗi. Apondi ta yi tsaki, ta ture kofin shayi, ta kira Jaduong' Owiti, wato Dattijo Owiti.

Owiti shi ya koya mata aikin. Ya shekara da shekaru yana tace labarai a wani gidan talabijin kafin ciwon suga ya cinye masa idanu. Yanzu yana zaune a unguwar Nyalenda, bai bambance rana da fitila, amma in ka kwatanta masa hoto da baki zai gaya maka inda za ka sa wuƙa. Masu sana'ar da yawa sun yi ta kiransa da farko, daga baya suka gaji da faɗansa. Apondi ce ta rage.

"Wane ne ya mutu?" haka ya amsa wayar.

"Baba, ko gaisuwa babu?"

"Ke ba kya kirana sai an mutu. To, ina jin ki. Da me kika buɗe?"

Ta buɗe muryar wayar, ta jingina ta da kwalbar ruwa. "Na buɗe da tafki. Ruwa, kwale-kwalen kamun kifi, tsuntsaye. Sai hotonsa ya fito yana juyawa, da sunansa da furanni."

"Yana me?"

"Yana juyawa."

"Mutumin ya mutu, kuma kin sa shi yana ta wulwulawa kamar tallar sabulu? Cire! Hoto ya fito a hankali daga baƙi, ya tsaya cik. Tafkin nan ya daɗe?"

"Kusan minti biyu."

"Kai! Su da suka girma a bakin tafkin kike nuna wa tafki? Ki bar shi gwargwadon numfashi uku. Sannan me?"

"Jerin motoci daga ɗakin ajiye gawa. 'Yan babur a gaba da ganye a hannu, suna ta ham. Na ɗauka daga wuri huɗu, na narkar da kowane hoto cikin na gaba."

"Narkarwa ta wucewar lokaci ce, 'yata. In kin narkar, kin ce wa mai kallo an jima ke nan. Motocin nan tafiya ɗaya suke yi, ki yanka kai tsaye. Kuma duk gefe ɗaya suke fuskanta?"

Apondi ta duba. "Uku suna tafiya dama, ɗaya hagu. Na tsallaka titi ne na ɗauka."

"To kin mayar da gawa asibiti ke nan. Jefar da na hagun."

Ta yi dariya duk da haushi, ta jefar. Haka suka yi ta yi. Ta kwatanta masa yadda maza shida suka sunkuya za su ɗaga akwati, ya ce kada ta jira su miƙe, ta yanka a tsakiyar ɗagawar ta koma kyamara ta biyu, ido na bin motsi ba zai ga ɗinkin ba. Ta ce matan coci sun yi waƙa biyar, ya ce ta bar ɗaya cikakkiya, kada ta tsinko baiti daga kowace kamar mai ɗanɗana miya a gidan biki. Ta ce an sauke akwati a kabari ta sa kiɗa mai taushi, ya ce ta cire kiɗan a bar ƙarar ƙasa a kan katako. Duk inda ta gyara sai ta ji fim ɗin ya yi numfashi. Tsohon nan da baki kamar reza, amma wallahi ya san aikinsa.

Sai suka iso jawabin Ochola, don jawabai duka ta jera su ne bayan binnewa.

"Ya yi kusan rabin awa, Baba. Na rage, amma duk inda na cire sai kansa ya yi tsalle daga nan zuwa can."

"Ai dole. Kyamara ɗaya, wuri ɗaya. Faci za ki yi, ki rufe kowane yanka da fuskokin masu sauraro. Kunna mini in ji abin da yake cewa."

Ta kunna. Muryar Ochola ta cika shagon, mai kauri, mai jan magana. Ya yabi ƙaninsa, ya lissafa kakanni. Sannan ya sassauta murya ya ce: "Ɗan uwana ya ci tuwonsa a gidansa, a hannun da ya saba ci. Bai yi tari ba, bai yi zazzaɓi ba. Da safe muka ɗauke shi a sandare. Mu ba mu ce komai ba. Amma wanda ya sani, ya sani."

Owiti ya ce, "Wannan ba jawabi ba ne, jifa ne. Wa yake jifa?"

Ta gaya masa komai, har maganar Asabar.

"Yanke wurin duka."

"Ba zai yiwu ba. Ya riga ya aiko mini cewa in na taɓa wurin nan zai ce matar ce ta saye ni. Ka san babban wa, Baba. A cire maganarsa a jana'izar ƙaninsa?"

"Hmm." Ta ji yana juya cokali a kofi. "To, tunda ba za a rufe masa baki ba, a ba shi amsa. Kina da fuskar matar?"

Apondi ta shiga jakar da ta tara hotunan faci. Duk aikin Oyugi ne, mutumin da take ɗauka ya riƙe mata kyamara ta biyu, yana yawo cikin rumfa yana tsintar fuskoki. Ta sami na Aoko, ta danna, ta kalli farkonsa a ƙaramar tagar da ke kusurwar kwamfuta.

"Ina da ita. Daga gefe, kusa sosai. Farin kallabi. Ta toshe bakinta da hankici, kanta a sunkuye, kafaɗunta suna girgiza. Akwai hawaye a kumatunta, har yana ƙyalli."

"Madalla. Kunna sautinsa."

"Ba sauti. Kyamarar Oyugi iska kawai take kwasowa, tun farko na cire sautin hotunansa duka."

"Lokacin jawabin nan aka ɗauka?"

"Ai wunin ranar kuka take yi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Lokacin da mutumin nan yake magana aka ɗauka?"

Apondi ta kalli sunan hoton. Agogon kyamarar Oyugi kullum aka cire batir sai ya koma sifili, don haka lokacin da ke jiki bai gaya mata komai ba. Rumfa ɗaya ce, haske ɗaya, kujera ɗaya. Ga mai labule yana ta buga mata bango wai ta rage murya, ga sauran rabin fim bai taɓu ba.

"Lokacin ne," in ji ta.

Kalma biyu kacal, kuma ba da niyyar ƙarya ta faɗe su ba. Gajiya ce da son a wuce wurin.

"To saurara. Daga inda ya ce a hannun da ya saba ci, ki ɗauke fuskarsa, ki bar muryarsa tana tafiya a ƙasa, ki ɗora fuskarta a sama. Shi yana zargi, su kuma suna kallon mace tana kuka. Ba wanda zai kalli haka ya goyi bayansa. Nawa kika ba hoton?"

"Daƙiƙa uku."

"Uku? Baƙin ciki ne ko ƙiftawar ido? Wannan ai ba faci ba ne kuma, shi ne zuciyar fim ɗin. Ki ja shi har ya gama cewa wanda ya sani ya sani, ki ƙara masa kaɗan bayan ya yi shiru. Kada ki ji tsoron tsayi. Daga nan ki dusashe zuwa baƙi."

Ta kama wutsiyar hoton ta ja har ta rufe maganar, ta sa dusashewa. Ta danna ta kalli farkon don ta ga shigar ta zauna daidai, ta ga hankici, ta ga kafaɗu, ta ji muryar Ochola a ƙasa. Ta tsayar, ta ce, "Baba, kai maye ne."

"Mayen da ba ya gani. Wuce gaba, an kusa kawo mini abinci."

Ta wuce gaba. Abin da mai koyo ma ya sani, cewa in ka tsawaita hoto sai ka kalle shi har ƙarshe, shi Apondi ta tsallake. Ta riga ta faɗi abin da ke cikin hoton da bakinta, tsoho ya yarda, ita ma ta yarda da kanta. Da yamma ta bar kwamfuta tana fitar da fim, ta duba farko, ta duba tsakiya, ta duba ƙarshe, ta zuba a filas, 'yar ma'ajiyar nan ta kwamfuta, ta tafi gida tana jin daɗi.

Asabar da hantsi ta sauka a Asembo da kwamfutarta a jakar baya. An fito da babban talabijin an ɗora a tebur ƙarƙashin mangwaro, an rataya zane a reshe don ya tare haske. Dangi sun cika tsakar gida, maza a kujerun roba, mata a tabarma. Kayan Odundo suna jibge a gefe: kwat, takalma, akwatin sifanoni, rediyo. Mama Sela na zaune a gaba a kujera mai hannu, sandarta tsakanin gwiwoyi, Aoko a ƙasa kusa da ƙafarta. Tsohuwar ta ɗora hannu a kan kallabin surukarta, ta bar shi a nan don kowa ya gani.

Fim ya fara, ya kuma yi kyau, ba a cewa komai. Da motoci suka shigo mata suka fara sharɓe. Da ƙasa ta faɗa kan akwati wani dattijo ya cire hularsa. Apondi na tsaye a baya ta harɗe hannu, tana ta ƙissima yadda za ta ba Owiti labari.

Fuskar Ochola ta cika gilashin talabijin. Shi kuma na gaskiyar ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"A hannun da ya saba ci," in ji talabijin, sai ga Aoko, farin kallabi, hankici a baki, kafaɗu na girgiza. Wata mata ta ce, "Wayyo, Nyar Alego." Hannun Mama Sela ya shafa kan surukarta.

"Bai yi tari ba, bai yi zazzaɓi ba."

Aoko ta cikin gilashi ta ɗago kai.

"Da safe muka ɗauke shi a sandare."

Ta sauke hankicin. Haƙoranta duka a waje. Dariya take yi, dariya ta gaske, irin wadda ke sa mutum hawaye. Ta karkata ta dafa kafaɗar matar da ke kusa da ita.

"Amma wanda ya sani, ya sani."

Ta sake tuntsirewa, ta share ido da bayan hannu, ta girgiza kai kamar mai cewa kai, wannan mutum! Hoton ya tsaya a kanta bayan muryar ta yi shiru, ya tsaya, ya tsaya, kamar yadda Owiti ya ce, sannan a hankali ya dusashe.

A tsakar gidan ba mai motsi, sai fim ɗin da ya ci gaba abinsa, matan coci suna rera waƙa.

"Yesu!" wata ta ce a hankali.

"Kun gani?" Ochola ya miƙe. Shi ma da gaske ya kaɗu, don ko a mafarki bai zaci zai sami haka ba. "Kun gani ko ni kaɗai na gani? A mayar! A mayar da wurin!"

"Ba haka ba ne!" in ji Apondi da ƙarfi. "Ku tsaya, kuskure ne, nawa ne!"

Ba wanda ya ji ta. Wani ya riga ya ɗauki rimot ya mayar. Aka sake kallo, wannan karon da wayoyi uku a sama suna ɗauka. Aoko ta durƙusa a gaban talabijin tana kallon fuskarta kamar ta ga baƙuwa.

"Ni ce," take cewa. "Ni ce, amma ni ban... Mama, ni ban yi dariya ba da yana magana. Mama, kina kusa da ni!"

Hannun Mama Sela ya koma kan sanda.

Apondi ta zagaya bayan rumbu da gudu, ta kira Owiti.

"Wane ne kuma ya mutu?"

"Baba, dariya take yi."

"Wa?"

"Matar. Hoton nan. Bayan inda na kalla ta sauke hankici. Dariya ce, ba kuka ba. Kowa ya gani."



"A kan wanda ya sani ya sani?"

"Daidai kansa."

"Allah mai iko." Ba ta taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. "Ni na ce ki ja shi. Ni na ce kada ki ji tsoron tsayi. Apondi, na tambaye ki lokacin, sau biyu na tambaye ki!"

"Ban duba ba, Baba."

"Ba ki duba ba. Ni ba ni da ido, ke kuma kina da su kin ajiye a gida. Mun kashe matar mutane." Ya ja numfashi. "Ɗanyen hoton yana tare da ke?"

"Yana cikin kwamfuta."

"Nemo asalinsa da sautinsa, komai iskar da ke ciki. Ki kunna musu daga farko har ƙarshe. Kada ki yanka, kada ki sa kiɗa, kada ki yi bayani da yawa. Sannan ki nuna babbar kyamara a daidai wurin. Tafi!"

Ta dawo ta tarar gidan ya hargitse. Ƙannen miji mata suna nuna Aoko da yatsa, wani kawu yana cewa a zauna a zauna, ba mai zama. Apondi ta zare filas, ta haɗa kwamfutarta da talabijin, ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi a gaban manya ba.

"Iyayena, ku ba ni minti biyar. In na gama ku yi mini duk abin da kuka ga dama."

Ta kunna ɗanyen hoton, ta ƙure sauti. Iska ce ke ta bugun makirfo, fuu, fuu, amma a ƙarƙashinta ana jin lasifika, kuma ba muryar Ochola ba ce. Ticha Okech ne, abokin Odundo tun suna yara, yana ba da labarin ranar da marigayin ya hango wani abu baƙi a cikin ciyawar bakin ruwa, ya kurma ihu dorina, dorina, ya haye bishiya ya bar wandonsa a jikin ƙaya, ashe saniyar maƙwabci ce ta zo shan ruwa. Rumfa duka ta ɗauki dariya. Ga Aoko nan, hankici a baki tana ƙoƙarin dannewa, ta kasa. Apondi ta koma babbar kyamara ta nemo wurin. Ga fasto yana dariya, ga Mama Sela tana rufe fuska da gefen zane, ga Ochola kansa ya kife a kujera yana dukan cinya.

"Wannan bayan an ci abincin rana ne," in ji Apondi. "Jawabin Baba Ochola kuwa da safe ne. Ni na ɗauko wannan na ɗora a kan wancan. Na zaci kuka take. Ba ta san komai ba, laifina ne ni kaɗai."

Wasu suka sauke ajiyar zuciya. Kawun nan ya ce, "To, kun ji. Aikin na'ura ne." Wata ta ce ita dama ta tuna labarin saniyar.

Ochola ya juyo ya kalli Apondi sama da ƙasa.

"Tsaya, 'yata, in fahimta. Kin ce kin zaci kuka take."

"Haka ne, Baba."

"Sai kika ɗauko kukan wani lokaci kika manna a kan maganata. Don me?"

Bai jira ta amsa ba.

"Don a tausaya mata, a ga ni mugu ne. Ko ba haka ba? Wa ya ɗauke ki aiki?" Ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Ita ta ɗauke ta. Sun zauna sun shirya a haɗa mana kukan ƙarya, Allah ya kama hannunsu. Yanzu kuma mai haɗa safe da rana ta sake kawo mana wani hoton, ta ce wannan karon mu yarda. To lokacin da nake magana, me matar nan take yi? Nuna mana."

Apondi ta bincika, gumi na ɗiga a kan madannai. Babbar kyamara na kan Ochola tun daga farkon jawabin har ƙarshe. Oyugi kuwa a lokacin ya zagaya madafa yana ɗaukar hoton mata masu dafa kifi. Ba ko hoto ɗaya na Aoko.

"Babu," ta ce, muryarta ba ta kai ko'ina ba.

"Babu," Ochola ya maimaita, ya koma ya zauna.

Wayar wani ta yi ƙara, ta wani ma ta yi. Guntun da aka ɗauka daga gilashi ya riga ya isa Nairobi, ya isa wajen ƙanwar su Ochola da ke aikin jinya a ƙasar waje, kuma ba iskar makirfo ko saniyar maƙwabci a cikinsa.

Kowa ya zuba wa Mama Sela ido.

"Na ji bayanin yarinyar nan," ta ce. "Na gane. Ni ma na yi dariyar saniya. A kashe wannan abin, a kawo abinci, mutane sun zo daga nesa."

Apondi ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Aoko ta miƙe da sauri, tana goge fuska, ta nufi madafa. Tun asuba ita ta tuƙa tuwon masara, ta soya kifi, ta dafa ganye. Ta fito da tire, ta wuce kowa, ta durƙusa gaban surukarta, ta zuba mata ruwa ta wanke hannu, ta buɗe kwano. Kan kifi ta kawo mata, wanda tsohuwar ta fi so.

Mama Sela ta kai hannu. Ta gutsuri tuwo, ta mulmula, ta kai shi har bakin kwanon miya. A nan hannun ya tsaya. Ta kalli miyar, ta ɗago ta kalli fuskar Aoko, ta daɗe tana kallo, kamar tana neman wani abu a wajen bakinta. Sai ta mayar da lomar gefen faranti.

"Ba na jin yunwa, 'yata."

"Mama."

"Cikina ne. Anjima."

Aoko ta ɗauki lomar da tsohuwar ta ajiye, ta tsoma a miya, ta sa a baki. Ta gutsuri kifin ta ci, ta ɗebi ganyen ta ci, tana tauna tana kallon surukarta, hawaye na gangarowa cikin kwano. Mama Sela ta kawar da kai, ta kira ɗaya daga cikin 'ya'yanta mata, ta ce ta dafa mata shayi da hannunta.

Aoko ta rufe kwanon. Ta miƙe da tiren, ta bi ta tsakanin tabarmi, mata na janye ƙafafunsu. Da ta zo daidai Apondi sai ta tsaya. Fuskarta ta jiƙe sharkaf, maiƙon kifi a haɓarta.

"Ina kyamararki?" in ji Aoko.

"Ban... ban zo da ita ba."

"Ayya," in ji Aoko. "Ga shi yau ina yin irin kukan da kike nema."